Ganawa da masu neman aiki takwas a rana ɗaya: yadda waya za ta taimaka

Tambaya: Malam, muna da ƙaramar makaranta a Kano. Za mu ɗauki akawu, mun kira mutum takwas ganawa ranar Asabar, mu uku ne a kwamiti. Shin mu buɗe shafi ɗaya a Google Sheets kowa ya riƙa zuba maki a ciki?

Amsa: Hajiya, kada ku yi haka. Da zarar na ƙasa ya ga shugaba ya ba wani 5, hannunsa ba zai iya rubuta 2 ba, sai a tashi da ra'ayin mutum ɗaya a bakin mutum uku. Na taɓa zama a wani kwamiti da aka yi haka, makinmu ya fito iri ɗaya tun safe har yamma.

Ki haɗa fom a Google Forms. Tambaya ta farko sunan mai ba da maki, ta biyu lambar ɗan takara daga N1 zuwa N8, ki sa ta a Dropdown, domin in aka bar mutane su rubuta suna, wani zai sa Abdullahi wani Abdulahi, lissafi ya rikice. Sauran tambayoyin ki sa Linear scale daga 1 zuwa 5. A Settings ki tabbata Limit to 1 response a kashe yake, tunda kowannenku sau takwas zai cike, haka ma View results summary. Sai ki danna Link to Sheets, ke kaɗai ki riƙe shafin. In lambar tana layin C, makin yana D, wannan zai ba ki matsakaicin makin N3 a wannan tambayar:

```
=AVERAGEIF(C:C,"N3",D:D)
```

Ki ba kowa minti 40: talatin na ganawa, goma na cike fom shiru kafin kowa ya buɗe baki. In kun fara ƙarfe 9:00, mutum shida za su kai ku 1:00. A yi Azahar a ci abinci, a dawo 2:00, a gama 3:20 kafin La'asar. Kowa ki tura masa lokacinsa, kada ki tara su duka da safe su wuni a kan benci.

Ke ce mai tarba da kula da agogo. Wanda ya san lissafin kuɗi ya yi tambayoyin aiki, iri ɗaya ga kowa. Na uku rubutu ne aikinsa, kuma abin da aka faɗa zai rubuta. “Tana da hankali” ba ya amfanar kowa da yamma, amma “ta ce kullum kafin ta tashi tana gwada rasit da kuɗin da ke akwati” hujja ce.

In za ku naɗi murya, ku nemi izinin mutum tukuna, dokar kare bayanai ta 2023 tana aiki a kanku, ku kuma goge bayan an yanke shawara. Fom ɗin ba ya tafiya sai da intanet, don haka ki buga kwafi 24 a takarda ki ajiye a gefe.