Takardar bayani ga masu aikin gayya

Tambaya: Ranar asabar zamu yi aikin gayyar share unguwa, ni aka ba rubuta takardar da za a raba wa masu taimako, me zan sa a ciki?

Amsa: Dan'uwa kar ka wuce shafi daya, in ta yi tsawo wallahi ba mai karantawa. A sama ka sa wurin haduwa da lokacin farawa da na tashi, misali 7 zuwa 11 na safe, mutane sun fi fitowa in sun san yaushe zasu koma gida.

Inda ake yawan kuskure shine rabon aiki. In kuna da mutum 30 ka kasa su gida 5, kowane rukuni mutum 6 da shugabansa da lambar wayarsa, sannan ka rubuta iyakarsu karara daga layi kaza zuwa kwana kaza, in ba haka ba zaka ga kowa ya taru wuri daya ana hira, wani layin ko tsintsiya bai gani ba. Ka fadi inda za a tara buhunan shara da wanda zai kwashe.

Kuma don Allah ka rubuta da manyan baki: fasasshiyar kwalba da allura ba a dauka da hannu ko da safar hannu ne, a kira shugaban rukuni. Kafin ka buga ka ba wanda bai zo mitin ba ya karanta, duk abinda ya tambaye ka to shi ne babu a takardar.