Me ya sa cusa abu a tsakiyar jeri yake cin lokaci?

"Salam 'yan uwa, sabon shiga ne ni, nan Jidda nake koyon Python bayan na tashi daga shugul. An ce mana `insert` a tsakiya O(n) ne amma `append` kusan kyauta. Ba duk abu ɗaya nake ƙarawa ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin yana ga yadda jerin, wato `list`, yake zaune a memori ne. Gurabensa manne suke da juna, girmansu ɗaya, babu giɓi, shi ya sa in ka ce `a[5]` kwamfuta ba ta nema, lissafi kawai take: in jerin ya fara a adireshi 1000 kuma kowane gurbi bayit 8 ne, to kayanka na 1040, halas. Saurin nan kuwa da sharaɗi ya zo, ba a yarda a bar rami ba, ba a yarda a ɓata tsari ba.

Ka ɗauka sahu ne a masallaci da ya fara daga jikin bango. Wanda ya zo ya tsaya a ƙarshe bai dami kowa ba, amma in ya ce lallai sai tsakiya, duk wanda ke gefensa har ƙarshen sahu sai ya gusa. Jeri mai abu 1,000 ka cusa a gurbi na 200, abu 800 za su matsa, in jerin ya kai miliyan matsawar ma ta bi shi ta ƙaru, ma'anar O(n) kenan.

Shi `append`, mai sakawa a ƙarshen jeri, dabara ce ke ƙarƙashinsa, ana kama fili fiye da buƙata, galibi akwai gurbi yana jira sai a ajiye kawai. Ranar da ya cika dole a nemi fili babba, sau da yawa har a kwashe komai a kai can, wannan karon kam da tsada. To amma a ce ninkawa ake duk cika, 1, 2, 4, har 1,024, kafin ka zuba abu 1,000 kwafi 1,023 kacal aka yi. Da gurbi ɗaya-ɗaya ake ƙarawa ana kwashewa, 499,500 ne. Python ba ta ninkawa, kaso kaɗan take ƙarawa gwargwadon girman jerin, amma hikimar ɗaya ce.

Inda na fi ganin ɗalibai na faɗawa shi ne nan:

```python
a = []
for i in range(100000):
    a.insert(0, i)
```

Layi uku, amma da yake kowane abu a farkon jeri ake cusa shi, matsawa kusan biliyan 5 ce a ciki. Gwada da kanka, ka ninka lambar, in ka ga lokacin ya tashi wajen ninki huɗu maimakon biyu to ciwon kenan. Ni dai `append` nake yi in gama in kira `a.reverse()` sau ɗaya. In kuma dole a farkon jeri za ka riƙa sakawa ka ɗauko `deque` daga `collections`, wani irin jeri ne mai saurin sakawa ta farko da ta ƙarshe, `appendleft` ɗinta ba ya matsar da kowa, sai dai ɗauko abu daga tsakiyarta ba ya da saurin `list`.