Likita, Me Zan Rubuta wa Maijegona?

"Matata tana shayarwa. Za ta iya cin kek da shan gahawa ranar zagayowar haihuwarta?" (daga Hindawiyya, Makka)

Ta ci abinta in ba ta da ciwon suga. Gahawa kuma kaɗan, da rana, don tana bi ta nono ta hana jariri barci.

"Wata uku da haihuwar matata, ɗanmu na fari. Ranar zagayowar haihuwarta ta matso, ina so in rubuta mata saƙo. Kullum a gajiye take, tana kuka, ƙafafunta sun kumbura. Hajiyarmu ta ce a ƙara mata kunun kanwa." (daga Jidda)

Malam, Allah ya raya. Abin da maijego ke so ta ji shi ne an ga wahalarta. Kada ka ce mata ta yi haƙuri kowace mace haka ta yi, kada kuma ka taɓo maganar jikinta. Rubuta kamar haka: "Bara ke kaɗai na taya murna, bana uwar ɗana nake tayawa. Ina ganin tashin daren da kike yi. Daga yau, bayan Asuba yaro yana hannuna, ki kwanta." Sannan ka cika alkawarin. Jariri yana neman nono duk bayan awa biyu zuwa uku, ga shi a nan ba kowa ke da gwaggo ko ƙanwa a kusa ba.

Amma kumburin nan ya tayar mini da hankali. Don Allah a ajiye kanwar nan! Gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta sha nauyin ciki ta ƙara wahala. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. A zafin Jidda kuma a ce a ƙara? Haba.

Kai ta asibiti yau, kada ka jira ranar bikin. A duba hawan jini, ƙarancin jini da zuciya. In numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, ko tana tashi da tari cikin dare, kira motar asibiti a 997 nan take. Na san wasu suna tsoron asibiti saboda iƙama, amma zuciya ba ta jira.

Kukan ma a faɗa wa likita. Ƙuncin kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya kai wata uku yana iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, ba iska ba ne, ba ragwanci ba ne, kuma yana da magani. In ta ambaci cutar da kanta ko yaron, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti.

"In haɗa wa maijegona da maganin ƙarin jini cikin kyautar ranar haihuwarta?" (daga Madina)

A gwada jinin tukuna. In an rubuta mata, kada ta sha shi da shayi, yana hana shi shiga jiki.