Kod ɗin SMS lambarka yake bi, ba wayarka ba

Tambaya: Malam, maƙwabcina a Kasuwar Dole an kwashe mishi kuɗi, an amshe WhatsApp ɗinshi, ya rantse bai ba kowa kod ba, wayar kuma tana aljihunshi. Ni ma komi nawa da kod ɗin SMS yake, hankalina ya tashi.

Amsa: Alhaji, na yarda da rantsuwar maƙwabcinka. Kullum sai na ji wani ya ce "wayata tana hannuna, wa zai ga kod ɗina", wannan maganar ce ke sa a kwashe mutane, domin banki ko WhatsApp lamba suke tura ma saƙo, duk pus ɗin da ke ɗauke da lambar a lokacin shi zai samu.

Ɓarawo yana nemo sunanka da hoton katin shaidarka, sau da yawa mu muka tura shi da kanmu, ya tafi ajans ya ce pus ɗinshi ya ɓace, ko ya haɗa baki da wani na ciki, a ba shi sabo da lambarka. Nan take naka ya mutu. Ya ce ya manta kalmar sirrin Gmail, kod ya zo mishi, daga nan sai kuɗi. A 2019 haka aka amshe Twitter ɗin Jack Dorsey, shugaban kamfanin na lokacin da kanshi. PIN ɗin da ka sa ma pus yana tsare ka in an sace wayar, amma bai hana wannan, sabon pus ne aka yi. Masu gyaran waya da ke amsar jaka biyu su ce za su wanke wayar, cin kuɗi ne kawai, wayar lafiyarta lau!

Alamar: rezo ya ɗauke maka gaba ɗaya, na kusa da kai mai kamfani ɗaya yana kira, ka kashe ka kunna bai dawo ba. Kada ka jira safe. Ari waya ka kira banki da kamfanin su rufe, ka tafi ajans da katinka.

Yau ɗin nan ka buɗe WhatsApp, Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka sa lamba 6 da kai kaɗai ka sani, ko ɓarawo ya samu SMS sai an tambaye shi ita. Gmail da Facebook kuma ka maida su kan Google Authenticator, cikin wayar yake haɗa kod, yana sakewa duk sakan 30, ko babu rezo, in dai agogon wayar daidai yake. In ka gama ka cire SMS daga hanyoyin dawo da kont ɗin, in ka bar shi ta nan za a shiga. Kod ɗin ajiya da Gmail zai ba ka, rubuta su a takarda ka aje gida saboda ranar da waya ta ɓace.