Man basir da maganin matsi: na kwana bakwai ne, ba na wata biyu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Fagge, shekarata 38. Wata biyu ke nan ina shafa man basir da na saya a kemis, mai HC a jikin kwali. Da farko na ji daɗinsa, amma yanzu ƙaiƙayi ya fi na da, kuma wani lokaci ina ganin jini bayan na yi bayan gida. Mai kemis ya ce in koma na matsi, wai ya fi ƙarfi duk da ya fi tsada. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saya tukuna, kuma wanda ke hannunka ma ajiye shi daga yau. Akwai alamar cewa man da kansa ne ya koma yana jawo maka ƙaiƙayin.

Kowane ɗan Adam yana da wasu 'yan tsokoki masu taushi cike da jijiyoyin jini a cikin dubura, waɗanda suke taimakawa wurin ya rufu sosai. Idan yunƙuri da daɗewa a tsugune suka kumbura su, suka kuma sassauta abin da ke riƙe da su har suka fara zamowa ƙasa, shi ne basir a wurin likita. To babu wani mai ko matsi, wato wanda ake cusawa ta dubura, a kantar kemis da ke mayar da su mazauninsu. Abin da suke yi shi ne rage maka wahala na 'yan kwanaki kafin kumburin ya sauka da kansa, kuma yawanci yana sauka idan bayan gida ya yi laushi.

Kusan duk man da ake sayarwa ana haɗa shi ne daga cikin abubuwa iri uku. Akwai masu rufe fata su kare ta daga danshi da gogayya, kamar zinki da bismut, waɗanda su ne ƙashin bayan Anusol na gama-gari. Akwai masu kashe jin zafi, irin su lidoken da sinkoken, 'yan gidan allurar da ake yi wa mutum kafin a cire masa haƙori. Suna sa wurin ya yi ɗan sanyi na wani lokaci, sannan zafin ya dawo. Na uku shi ne sitiroyid, mai danne kumburi da ƙaiƙayi. Haruffan HC da ka gani suna nufin haidurokotizon, wato sitiroyid ne. Proctosedyl ma yana da shi haɗe da sinkoken, Scheriproct kuma yana da ɗan'uwansa firedinisolon. Ƙa'idar masu sitiroyid ita ce kada a wuce kwana 7, kuma in ka buɗe 'yar takardar da ke naɗe cikin kwalin, wadda yawancinmu muke jefarwa tun a ƙofar kemis, za ka tarar an iyakance kwanakin.

Dalilin iyakar shi ne fatar wurin siririya ce tun asali, ga ɗumi ga danshi, saboda haka tana shan magani fiye da fatar hannu ko ƙafa. Sitiroyid idan ya daɗe a kanta yana ƙara sirantar da ita har ta riƙa tsagewa da ɗan gogayya kaɗan. Yana kuma kwantar da garkuwar fatar, sai ƙwayar cuta irin ta makero da ƙyasbi ta samu wurin zama. Ita kuma wannan ƙwayar ƙaiƙayi take jawowa. Sai mutum ya ƙara shafawa, ya ji sauƙi na dare ɗaya domin man ya danne ƙaiƙayin, ƙwayar kuwa ta ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. Masu kashe zafin su ma suna da tasu illar: fatar wasu mutane takan ƙi jininsu bayan an daɗe ana shafawa, wurin ya yi ja, ya riƙa raɗaɗi da tsattsafo da ruwa. Wanda duk ya ce maka maganinsa ya yi aiki a makon farko sannan ya "daina ji", sau da yawa ɗayan biyun nan ne ya same shi. Kai kuma ga zama kan keken ɗinki tun safe har dare cikin zufar Kano.

Na matsin da aka tallata maka, in ka duba kwalinsa, galibi sinadaran nan ne dai aka daskarar cikin wani kitse mai narkewa da ɗumin jiki. Idan aka cusa shi, yakan zarce ciki ya narke a sama da inda fatarka ke ƙaiƙayi. Yana da ɗan amfani ga mai jin nauyi ko raɗaɗi daga ciki, amma ga damuwar da ke waje babu abin da zai ƙara maka sai kashe kuɗi da ƙarin sitiroyid.

Ga abin da za ka yi a makonni biyu masu zuwa. Idan ka daina shafawa, ƙaiƙayin zai iya tsananta na 'yan kwanaki. Wannan sananne ne, ka daure kada ka koma. Tsarki da ruwa da muke yi ya fi takarda alheri ga wurin, sai dai ruwa zalla, ban da sabulu, ban da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka, ban da dirza. Abin da mutane ke mantawa shi ne busarwa: ka ware ƙyalle mai laushi ka dinga dannawa a hankali kafin ka ja wando, wandon cikin kuma ya zama na auduga. In wurin yana raɗaɗi, shafa basilin fari ko man zinki kaɗan. Sannan ka kai kanka a duba fatar da ido, domin in ƙwayar cutar nan ce, wani mai daban ake bayarwa, irin su kulotirimazol. Ka roƙi a gwada maka sikari a lokacin, don ciwon sikari yana cikin abin da ke sa ta yi ta dawowa.

Aikin gaskiya yana wajen bayan gida. Jiki na bukatar abinci mai harza, kimanin giram 25 zuwa 30 a rana, wanda burodi da shayi da safe, taliya da rana, tuwon shinkafa da dare ba za su ba ka ba. Sa wake a abincinka, da kwaɗon zogale ko rama, da tuwon alkama ko dawa da ba a surfe ta ƙal ba, miyar kuka ko kuɓewa, gwanda, dabino. Ka ajiye ruwa kusa da keke. In duk da haka bayan gidan yana da tauri, laktulos mililita 15 safe da yamma yana sassauta shi, amma yakan ɗauki har kwana biyu kafin ya fara aiki. Kada ka riƙe bayan gida don kana sauri a kan ɗinkin biki, kada kuma ka shiga banɗaki da waya. Minti biyar ya isa, in bai zo ba ka tashi. Taramol da kodin suna busar da ciki ƙwarai, ga mai shan su don ciwon baya.

Batun jinin shi ya fi damuna. Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, kuma yawanci ba ya zuwa da zafi. Matsalar ita ce ƙari a ƙarshen hanji ma yana iya farawa da irin wannan jinin, kuma likitocin tiyata a ƙasar nan sun saba ganin masu sankarar hanji da suka shafe watanni suna maganin basir kafin su iso, wasunsu ba su kai shekara 50 ba. Ba ina cewa abin da ke damunka ke nan ba. A shekarunka basir ko tsagewar fata sun fi kusa. Amma jinin da ke ta dawowa yana bukatar likita ya sa safar hannu ya duba, ya kuma leƙa da ɗan bututun dubawa, aikin da bai wuce 'yan mintuna ba a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kunya ce ke hana mutane, na sani. Idan jinin ya yi duhu ko ya cakuɗe da bayan gida, ko kana ganin majina, ko yanayin fitar bayan gidanka ya canza na makonni, ko kana ramewa da jiri, to kada ka jira ko mako guda. In kuwa aka tabbatar basir na ciki ne mai yawan jini ko mai leƙowa, akwai ɗaure shi da 'yar roba, wanda ake yi ba tare da an kwantar da mutum ba, ya bushe ya faɗi cikin kamar mako ɗaya. Masu yin allura ko shafa abu mai ƙuna a ɗakunan haya don "tsiron ya faɗi" kuwa, ka nisance su. Tabon da suke bari yakan tsuke dubura har sai an yi tiyata.

Tambaya: Na haihu sati uku da suka wuce. Duk sanda zan yi bayan gida sai in ji kamar ana yanka ni da reza, zafin ya daɗe bayan na fito, da ɗan jini. Yayata ta ba ni ragowar maganin matsinta, amma cusa shi ma azaba ne. Wanne zan saya? Daga wata mai jego a Gwammaja.

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa, Allah ya raya. Yadda kika kwatanta zafin ya fi kama da tsagewar fatar bakin dubura fiye da basir, kuma tana yawan samun masu jego. Tsagar tana sa tsokar da ke rufe wurin ta ɗaure tamau, ɗaurewar ta rage jinin da ke isa ga ciwon, shi ya sa yake ƙin warkewa. Matsi yana buɗe tsagar ne duk sanda kika tura shi, don haka ki bar shi. Ragowar magani a garin nan ma abin shakka ne: yawancinsu ana son a ajiye su ƙasa da digiri 25, ɗakunanmu kuwa a watan Afrilu sun wuce haka nesa, sai ya narke ya sake daskarewa a karkace.

Sabuwar tsaga irin taki yawanci tana warkewa cikin 'yan makonni idan bayan gida ya yi laushi. Laktulos ba ya hana shayarwa. Ki sha ruwa fiye da yadda kika saba, tunda nono ma yana jan nasa. Ki zauna cikin ruwan ɗumi zalla minti 10 zuwa 15 bayan kin fito, ɗumin da gwiwar hannunki za ta jure, ba tafasasshen ruwan wankan jego ba. Yajin jego ba shi ya tsaga ki ba, amma yana ƙona tsagar wajen fita, ki rage. Idan kina shan maganin ƙarin jini, yana iya busar da ciki. Kada ki daina da kanki, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar da za ki kai jariri rigakafi, ta kuma duba wurin. Man lidoken kafin shiga banɗaki zai rage zafin na 'yan kwanaki. In tsagar ta kai sati shida ba ta rufe ba, akwai man da ke sassauta tsokar, wanda ake shafawa sati 6 zuwa 8, amma likita ne zai rubuta shi bayan kin gaya masa kina shayarwa. Zazzaɓi, ko kumburi mai bugawa da ke hana ki zama, ko fitar mugunya, alamar ƙurji ne a ciki, kuma wannan a ranar ake zuwa asibiti.