Tallafin da sai an biya kuɗin fom: ya zan gargaɗi mabiyana?

Tambaya: Salam Malam, ina da shafi a Facebook da nake sayar da atamfa, kwanan nan ana ta turo min wani fostin wai gwamnati na raba tallafin N250,000 amma sai an biya N3,500 na fom. Gaskiya ne? In ƙarya ce me zan rubuta wa mabiyana?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Damfara ce, 419 zalla. Duk wanda ya ce sai kin fara tura kuɗi kafin ya ba ki kuɗi, toh kuɗin da za ki tura ɗin shi yake nema. Da gangan suke sa shi kaɗan don mutum ya ce ai ba komai bari in gwada, yana biya sai a ce saura N8,000 na tantancewa, daga nan kuɗin haraji, haka za su yi ta tatsarsa har ya farga su kuma su yi bulokin ɗinsa. Ko N-Power da aka yi ta rububinta ba a biya sisi wajen rajista ba.

Ki duba link ɗin da kyau. Shafukan gwamnatin Najeriya galibi da .gov.ng suke ƙarewa, su ko waɗannan sai su cusa gov a tsakiya amma ƙarshensa .com ne ko .xyz. Sai lambar akawun, in kin sa ta a manhajar banki za ki ga sunan wani mutum ya fito, ba na hukuma ba. In kuma aka ce sai kin tura wa gurup biyar ko a nemi OTP da PIN na ATM, magana ta ƙare, ko ma'aikacin bankinki ba ya tambayar waɗannan.

Wajen gargaɗin ne mutane ke kwafsawa, sai su yi shiya ɗin fostin da link ɗinsa su rubuta "a kula" a sama, wlh wasu ba sa karantawa dannawa kawai suke. Ki ɗau hoton fostin ki goge link da lambar waya, ki rubuta DAMFARA a jikin hoton, sannan ki sa irin wannan:

"Jama'a fostin tallafin N250,000 da ake biyan N3,500 na fom damfara ce. Kar ku tura kuɗi, kar ku ba da BVN, NIN ko OTP. Wanda ya riga ya tura ya kira bankinsa yanzu, in ya ba da bayanan kati a toshe katin, ya ajiye rasit ya kai wa EFCC ko 'yan sanda."

Kar ki ce "wai" a ciki, kuma kar ki kira waɗanda suka faɗa wawaye, kunya za ta sa su yi shiru. Ki riƙa leƙa ƙasan fostin ma, don za ki ga wasu sun zo suna cewa a yi musu magana za su dawo da kuɗin da aka cinye in an biya su wani abu. Su ma 'yan damfara ne, ki goge ki yi bulokin.