Lamba ɗaya, sau biyu a rajistar taki

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar manoman albasa a Marwa. Bara an shigar da lambar katin mutum ɗaya sau biyu, ya karɓi taki kashi biyu, aka zarge ni da cin amana. Yaya zan sa Excel ya ƙi lambar da ta riga ta shiga? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. A ce lambobin suna layin A. Zaɓi A2 zuwa A2000, ka fara daga A2. Shiga Données, Validation des données, a Autoriser ka ɗauki Personnalisé, ka rubuta:

```
=NB.SI($A$2:$A$2000;A2)=1
```

Mai Excel na Turanci ya sa COUNTIF da waƙafi. Alamar $ tana kafe iyakar da ake ƙirgawa, A2 na ƙarshe kuwa a bar shi sake domin ya bi kowane gida. A Alerte d'erreur ka bar Style a kan na farko mai jar alama. Avertissement tambaya kawai yake yi, magatakarda ya danna Oui lambar ta wuce.

Gwada shi: rubuta MR-0147 a A2, ka sake rubuta ta a A3. Ƙirga ya zama 2, Excel ya ƙi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu koyar da kwamfuta a gurguje, da suke ce wa mutane da an sa wannan shi ke nan, an kulle rajista. Ba gaskiya ba ne! Abin da aka buga da hannu kaɗai yake tacewa. Lambobin da suke ciki tun kafin a sa dokar bai taɓa su ba. Mafi muni, in wani ya kwafo MR-0147 daga wani fayil ya manna da Ctrl+V, za ta shige ba ko ƙara, kuma mannawar na iya share dokar gidan gaba ɗaya. Gobe ko da hannu aka buga a wurin, babu mai hanawa. Ai yawancin jerin sunaye haka suke zuwa, shugaban ƙauye ya turo ta waya, a kwafa a zuba. Kullum sai an kawo mini irin wannan fayil ana rantsuwa an kulle shi, alhali haƙƙin wani manomi ya riga ya salwanta.

Saboda haka ka ƙara mai gadi a layin da ba a manna komai, misali D2, ka ja shi har ƙasa:

```
=SI(NB.SI($A$2:$A$2000;A2)>1;"MAIMAI";"")
```

Wannan yana ganin lamba ko ta wace hanya ta shigo. In mannawa ta zama dole, yi Collage spécial, Valeurs, dokar za ta tsira, amma ba za ta tace abin da ka manna ba. Kafin a buɗe sito ranar rabo, tace layin D ka fito da duk MAIMAI, ka kira masu katin su zo da shi a hannu.